Bammi ko burukutu, wanne ya fi sauƙi ga hanta?

Tambayar nan tana yawan tasowa a fada idan ƴan uwanmu masu zuwa bida Kwatano da Abijan da kudancin Najeriya sun dawo gida Damagaram, wani ya ce bammi ai ruwan itace ne kawai ba ya komai, har magani ne, wani ya ce a'a burukutu ya fi tunda dawa ce kuma an dafa ta, abinci ne. Hukuncin addini dai kowa ya san shi, ba sai na maimaita ba, kuma ni ba malami ba ne. Amma akwai masu sha a cikinmu, wasu a ɓoye wasu a sarari, kuma idan cikin mutum ya kumbura idonsa ya yi ɗorawa mu ne dai masu jinya, shi ya sa nake ganin gara a yi maganar da hujja.

Abu biyu ne ake cakuɗawa a gardamar. Akwai tsabta, wato abin da zai ba ka zawo ko taifot ko shawara cikin kwanaki ko makonni. Akwai kuma abin da ke cin hanta a hankali shekara da shekaru ba ka ji ba ka gani. Wanda ya ci a na farko ba lalle shi ne ya ci a na biyu ba.

A wajen tsabta bambancin a wuta yake. Burukutu ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a lulluɓe ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro cikin kwana uku zuwa biyar, a shanya, a niƙa, a dama da ruwa a dafa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake ɗora shi a wuta awoyi, sai ya huce a zuba masa ragowar na jiya a matsayin yis ya tashi. Shi ne ƴan Burkina ke kira dolo, a Benin da Togo cukutu, a Cadi bilibili, hanyar kusan ɗaya ce. Wannan tafasar ta awoyi tana kashe kusan duk ƙwayar cutar da ta shigo da ruwan ko da hatsin, tsamin kuma yana hana da yawa daga cikinsu sake yaɗuwa. To matsalar tana farawa ne bayan an sauke. Idan mai yi ta ga kasuwa ta yi kyau ta ƙara ɗanyen ruwa don ya auku, ta rusa duk aikin wutar. Sai kuma ƙwaryar sha, wadda ake tsomawa a bokiti guda na ruwan ɗauraya tun safe har dare, mutum hamsin sun sa baki, ƙuda na hawa na sauka. A garin da ruwa ke wuya kamar Zinder, inda ake sayen bido daga ƴan ga-ruwa, ba wanda zai riƙa zubar da ruwan ɗauraya bayan kowane mutum, wannan kowa ya sani.

Bammi kuwa bai taɓa ganin wuta ba. Ana tsaga kan kwakwar manja ko tukurwa ko giginya, a rataya gora ko bido, ruwan yana ɗiga duk dare. Yana fitowa da zaƙi sosai, sukarinsa ya kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, kuma yis ɗin da ke jikin goran da wanda ƙwari ke kawowa shi ke fara juya shi tun yana bisa itace. Duk wanda ya taɓa ganin an sauko da goran ya san me ke ciki, ƙudan zuma da tururuwa da ƙuda sun mutu suna yawo a sama, a tace da tsumma ko a hure da baki a miƙo maka. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da yake bi kafin ya iso ga mai sha a birni, don dillalai suna ƙara masa ruwa, wani lokacin na rafi ko na rijiya, idan zaƙin ya gudu su jefa sakarin, sinadarin da ke ƙara zaƙi, sannan a ɗura a bidon da ba a san me ya taɓa ɗauka ba. Ruwan da aka ƙara ɗin nan shi ne ƙofar taifot da zawo da shawarar da ruwa ke kawowa, wato hepatit A da hepatit E. Ita E ɗin ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, ta ɓarke a jihar Diffa a 2017 kuma mata masu ciki ta fi kashewa.

Wasu za su ce ai barasar da ke ciki tana kashe cuta. Ba ta kai ba. Alkol ɗin da ake goge hannu da shi a likita kashi 60 zuwa 70 ne, naka na ƙwarya kashi 4 ne ko 5, ina aka haɗu. Tsamin yana ɗan taimakawa a kan wasu ƙwayoyin kamar na kwalara da ba sa son tsami, amma hepatit A tana jure tsami lafiya lau, ai ta cikin tumbin mutum take wucewa ba ta mutu ba. Abu ɗaya da zan cire wa mutane tsoro a kai: shan ƙwarya ɗaya ba ya ba da hepatit B, ita ta jini take bi da saduwa da kuma daga uwa zuwa jariri, ko tsakanin yara suna ƙanana.

Saboda haka idan tsabta kawai ake magana, burukutun da aka dafa sosai aka sha a ranar ba a sirka ba ya fi bammin da ya yi tafiya a bido, nesa ba kusa ba. Kuma mu nan kwakwar manja ba ta yi, ƙasar ta yi bushewa, duk bammin kwakwar da aka ce an kawo maka Zinder ya kwana a hanya cikin zafin mota, ya riga ya wuce ƙarfinsa ya kama hanyar zama binegar, idan ka ji shi da zaƙi to ka tambayi kanka daga ina zaƙin ya zo.

Yanzu hanta, nan ne nake so mu daɗe.

Hanta ba ruwanta da sunan abin da ka sha, garam nawa na barasa ya shigo shi take ƙirgawa. Lissafin ba wuya, ka ɗauki yawan abin da ka sha a mililita, ka ninka da ƙarfinsa, ka ninka da 0.8 don barasa ta fi ruwa rashin nauyi. Burukutu yawanci yana tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Bammi ba shi da tsayayyen ƙarfi, wanda aka sauko da shi da sassafe yana iya zama kashi 1 ko 2, zuwa yamma ya kai 4 ko 5, washegari ya ɗan haura kafin tsami ya cinye shi.

Bari in kawo misalin wani magini da na sani, yana rabin shekara a Kwatano rabi a gida. Shi a ganinsa ba mashayi ba ne tunda bai taɓa sayen kwalba ba, cukutu kawai yake sha bayan an tashi daga aiki, ya ce yana maida masa ƙarfi kuma yana tare yunwa. Na tambaye shi ƙoƙo nawa, ya ce kamar shida, muka gwada irin ƙoƙon da ruwa ya ci rabin litir. Litir uku ke nan, mililita 3000. Mu ɗauka ƙarfinsa kashi 4 ne: 3000 sau 0.04 ya ba da 120, sau 0.8 ya ba da garam 96. Babbar kwalbar biya mai santilita 65 da ƙarfin kashi 5 garam 26 ce, ashe kullum yana shan abin da ya kusa kwalba huɗu yana ce wa kansa kunu ne. Hantar babban mutum tana iya sarrafa kamar garam 7 zuwa 10 a awa, to garam 96 aikin awa goma ne ko fiye, yana nufin ya hau bisa gini da safe hantarsa ba ta gama da na jiya ba, yamma ta yi a sake lafta mata.

Da na faɗa masa sai ya ce to shi zai koma bammi. Muka sake lissafi. Litir uku na bammin yamma mai kashi 5 garam 120 ne, ya ma fi. Na sassafe mai kashi 2 garam 48 ne, rabi ke nan, amma wa ke samun na sassafe sai wanda ke zaune kusa da mai hawa, kuma shi bayan aiki yake sha. Ga shi bammi yana da zaƙi da sanyi a maƙogwaro, ba ya cika ciki kamar burukutu mai kauri, mutum sai ya zarce bai sani ba.

Me waɗannan lambobin ke nufi? Haɗarin hanta ta ƙandare, abin da lokotoro ke kira siroz, yana fara hawa a fili daga wajen garam 30 a rana idan aka daɗe ana yi, mace ma ƙasa da haka. Wanda ke wuce garam 60 kullum kusan tabbas kitse ya taru a hantarsa, mutum tara cikin goma. Wannan matakin ba ya ciwo kuma yana warwarewa, idan aka daina gaba ɗaya cikin makonni kaɗan kitsen yana tafiya. Idan aka ci gaba sai kumburi, sai tabo bisa tabo, kuma cikin masu sha da yawa kamar ɗaya ko biyu cikin goma ne ke kaiwa siroz. Shi ya sa kullum ake samun mai cewa ga tsoho wane ya shekara arba'in yana sha lafiyarsa lau. Gaskiya ne akwai su, sai dai ba a gane wa zai tsira tun daga farko, kuma siroz idan ta yi nisa ba ta komawa.

Har nan kunnen doki suke, barasa barasa ce. Inda suka rabu shi ne burukutu yana ɗauke da kaya biyu na daban da bammi ba shi da su.

Na farko hunhuna. Dawar da ta kwana da danshi a rumbu, ko ƙwari suka huda, tana yin wani hunhuna mai fitar da guba ana ce mata afalatoksin, irin wadda ake samu a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna kawo cutar kansa ga mutum, kuma hanta take nufa kai tsaye. Abin takaici tafasa ba ta kashe ta, wuta tana kashe hunhunan amma gubar tana nan, sai zafi ya wuce digiri 250 take lalacewa, tukunya kuwa a 100 take tafasa. Ka duba kuma yadda ake tsiro, hatsi jiƙaƙƙe a lulluɓe da buhu cikin ɗumi kwana da kwanaki, wurin da hunhuna ke so ke nan. Sannan a yi maganar gaskiya, idan hatsi ya yi tsada ba mai kyau ake kaiwa tukunyar burukutu ba, wanda ya ɗan taɓu aka karya farashinsa shi ake saye don tsami zai rufe warin. Wani ɓangare na gubar yana tafiya da dusa idan an tace, amma burukutu ba tatacce ba ne tas, da gari-garinsa ake sha.

Na biyu tukunya. Da can tukunyar ƙasa ake amfani da ita, yanzu da yawa sun koma tano na ƙarfe da aka yanke don ya fi ɗauka kuma ba ya fashewa. Abu mai tsami idan ya daɗe a baƙin ƙarfe yana narkar da shi. A kudancin Afirka an gano wannan tun 1929 a gawarwakin da hantarsu ta cika da sinadarin ƙarfe, daga baya aka auna giyar gida da ake yi a irin waɗannan tano aka samu wajen miligaram 40 zuwa 80 a litir guda, alhali giyar kamfani ba ta kai miligaram ɗaya ba. Mu koma kan maginin nan, litir uku a mafi ƙarancin lissafi miligaram 120 ne a rana, jiki kuwa ɗaya zuwa biyu yake buƙatar tsotsa a rana kuma ba shi da hanyar zubar da rarar, sai ya tara a hanta. Barasa na ƙona ta ta nan, ƙarfe na ƙona ta ta can. Ba a ma zo maganar me tanon ya ɗauka a da ba, man mota ne ko maganin ƙwari.

Bammi ba shi da hatsi balle hunhunan hatsi, ba a dafa shi balle tano. To idan garam ɗin barasa ɗaya ne, bammin da ba a sirka ba ya fi burukutun tano sauƙi ga hanta, wannan ra'ayina ne kuma ina ganin hujja na tare da shi. Nasa haɗarin na daban shi ne wasu masu hawa suna sa maganin ƙwari a bakin tsagar don korar tsutsa, da kuma inda yake ƙarewa idan ya kwana bai sayu ba, a dafa shi a tatso tururin ya zama ogogoro a Najeriya, sodabi a Benin, kutuku a Kodebuwa. Wannan kam wani aji ne, ƙarfinsa kashi 40 ko fiye, ƙaramin kofin shayi biyu ko uku sun kai litir guda na burukutu, kuma shi ne ake samu da gubar metanol idan an yi masa haɗi. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai metanol. Wanda ya sha irinsa ya fara ganin hazo-hazo da amai da ciwon kai bayan rabin yini ko kwana, a ruga da shi likita, kada a jira ya yi barci ya wartsake.

Amma duk wannan auna-aunar tana rushewa idan mutum yana da hepatit B, kuma a nan ne nake ganin ƴan fadarmu ke kuskure mafi girma. Nijar tana cikin ƙasashen da fiye da mutum 8 cikin 100 ke ɗauke da ita, yawanci tun suna yara suka samu ba su sani ba. Allurar rigakafinta sai a 2008 ta shiga cikin alluran jarirai a ƙasar nan, duk wanda aka haifa kafin nan, wato kusan duk masu gardamar, bai samu ba sai in shi ya nema. Mai hepatit B da ke cin afalatoksin haɗarin kansar hantarsa yana ninkuwa har wajen sau 30 a kan wanda ba shi da cutar, ka ɗora barasa a kai kuma. Irin wannan ne ake binne mutum yana shekara talatin da wani abu a ce sammu ne. Ga mai ita babu zaɓi tsakanin bammi da burukutu, ko ƙoƙo ɗaya ba nasa ba ne, burukutu kuma ya fi muni saboda hunhunan.

Gwajin ba wahala, a takardar labo za ka ga an rubuta AgHBs, jini kaɗan ake ɗiba, ana yi a babban asibitin Zinder da sauran wuraren gwaji. Mai sha ya roƙi a haɗa masa da gwaje-gwajen jini na hanta, ASAT da ALAT da GGT. Idan barasa ce ke cin hanta sau da yawa ASAT tana ninka ALAT sau biyu, GGT kuma ta hau. Sai dai rezilta mai kyau ba takardar izini ba ce, ana samun mai siroz da lambobinsa kusan daidai, shi ya sa lokotoro ke ƙarawa da ekogarafi. Alamomin da ake gani da ido, ɗorawar ido, fitsari kamar shayi, ciki ya kumbura ƙafa ta kumbura alhali hannuwa na ramewa, barcin rana da rashin barcin dare da rikicewar magana, waɗannan na ƙarshe-ƙarshe ne. Aman jini ko baƙin kashi kamar kwalta kuwa a daren za a tafi, jijiya ce ta fashe a maƙoshi.

Wani abin da ke ƙara kashe hantar masu sha a nan shi ne farasetamol na ƴan tebur da safe don ciwon kai, a watsa huɗu a lokaci guda, rana ta yi a ƙara. Mai lafiya iyakarsa garam 4 a yini, ƙwaya takwas masu 500, mai sha kullum ko mai ciwon hanta bai kamata ya wuce garam 2 ba. Jiƙe-jiƙen saiwoyi da ake ce wa wankin hanta su ma hantar ce dai za ta sarrafa su, ba sa cire ko garam ɗaya na barasa.

To wanda ya ce shi dai sai ya zaɓa fa? Ga yadda zan jera masa. Ya fara yin gwaji, idan ya fito da hepatit B ko C, ko mace ce mai ciki, ko yana shan maganin tarin fuka, magana ta ƙare. Idan ba ko ɗaya, mafi ƙarancin illa shi ne bammin da aka sauko da shi a gabansa da safe ba a ƙara ruwa ba, wanda mazaunin Zinder ba zai samu ba. Bayansa burukutun ranar, daga wadda ya san tana zaɓen dawarta tana dafawa a tukunyar ƙasa ko ta alminiyam, da ƙoƙonsa na kansa, in ya ji warin rumbu ko ɗanɗanon tsatsa a harshe ya ajiye. Bammin bido da burukutun tano suna ƙasa, na tatsa yana can ƙarshe. Kuma a kowanne ya san girman ƙoƙonsa, litir guda na mai kashi 4 garam 32 ne, ya riga ya taka layin.

Mai shan irin na maginin nan kuwa, litir uku kullum shekara da shekaru, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Cikin awa shida zuwa kwana guda hannu na fara rawa da zufa, wasu su yi farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na uku wasu su rikice suna ganin abin da babu, kuma wannan yana kisa. Ya je ya faɗa wa lokotoro gaskiyar ƙoƙo nawa yake sha, akwai maganin da ake ba da shi na ƴan kwanaki tare da bitamin B1 don a sauka lafiya.